Tsalle yana ƙin tashi a bakin rami, fad ne ko kod ɗina?

Abba Fiksel:
Slm jama'a. Dan Allah masu Godot ku zo ku duba min wani abu. Ina haɗa ɗan gem na tsalle-tsalle a Godot 4, ni dai in ina bugawa da kibod a laftof ɗina komai lafiya lau, amma da na jona shi a talabijin na ba ƙannena fad sai ƙorafi, wai sun danna tsalle a bakin rami yaron cikin gem ɗin bai tashi ba ya zurma, wani lokacin kuma suna dirowa su danna ya yi kamar bai ji ba. Abin da na rubuta kenan ba wani abu mai yawa ba:

```gdscript
if Input.is_action_just_pressed("jump") and is_on_floor():
    velocity.y = -320.0
```

Fad ɗin ne ya gaji ko kuwa?

Ɗan Kurna:
Fad ne mana, ka sayi orijina ka huta. Waɗannan na kasuwa robar cikinsu ce ke saurin mutuwa

Malam Habu:
Kafin ka kashe kuɗinka Abba, layin nan naka ko da fad ɗin da ya fi kowanne tsada haka zai yi. Duba abin da ka nema. `is_action_just_pressed` firem ɗaya tak yake zama gaskiya, kuma `_physics_process` sau 60 yake gudu a sakan in ba ka canza ba, kenan kowane firem kusan milisakan 17 ne. Kai kuma ka ce dole a firem ɗin da aka danna ƙafarsa tana ƙasa. Wanda ya danna firem biyu bayan ya wuce baki, an jefar da dannawarsa. Wanda ya danna firem biyu kafin ya dira shi ma an jefar. Shi kuwa a idonsa daidai ya danna, kuma ba ƙarya yake ba, ido ba ya raba milisakan 30.

Matsala biyu ce daban ka kawo, maganinsu ma biyu ne. Ta bakin rami latti ne, ita ake sa wa koyoti tayim, wato ka bar shi ya iya tsalle na ɗan lokaci bayan ƙasa ta ƙare masa. Ta dirowa kuma gaggawa ce, ita ake sa wa bafa, ka riƙe dannawar ɗan lokaci in ya taɓa ƙasa a ciki sai ka biya shi tsallensa.

Sadiya M.:
Bafa ba shi ne wannan da'irar da ke juyawa in netwok ba kyau ba? Ai gem ɗinsa ba onlayin ba ne

Malam Habu:
A'a Sadiya wancan daban, nan maɓallin da aka danna ake ajiyewa na ɗan ƙiftawar ido. Ga yadda nake rubuta shi, duka biyun a wuri ɗaya:

```gdscript
var coyote = 0.0
var buffer = 0.0

func _physics_process(delta):
    if is_on_floor():
        coyote = 0.1
    else:
        coyote -= delta
        velocity.y += 900.0 * delta
    if Input.is_action_just_pressed("jump"):
        buffer = 0.1
    else:
        buffer -= delta
    if buffer > 0.0 and coyote > 0.0:
        velocity.y = -320.0
        buffer = 0.0
        coyote = 0.0
    move_and_slide()
```

Lura yanzu ba ma tambayar ko yana ƙasa ko yanzu aka danna. Tambayar ta koma: kwanan nan yana ƙasa? kwanan nan an danna? In duka e ne sai ya tashi.

Abba Fiksel:
Na gode Malam. To 0.1 ɗin nan daga ina ka samo ta, ko kawai ka ga dama ne?

Malam Habu:
Firem 6 kenan a 60. Masu gem ɗin Celeste, wanda ya fito 2018, sun saki fayil ɗin `Player.cs` ɗinsu a GitHub kowa ya gani, a ciki akwai `JumpGraceTime = 0.1f`, shi ne koyotinsu. Kuma a 2020 Maddy Thorson ta yi dogon bayani a Twitter kan irin waɗannan sassaucin da suka ɓoye a gem ɗin, har da bafa da gyaran kusurwa in kanka ya gogi gefen bulo. Gem ne da aka sani da wahala amma mutane ba sa cewa ya cuce su, dalilin kenan. Ba wai 0.1 wahayi ba ce, wurin farawa ne kawai.

Ɗan Kurna:
Ni gsky wannan abin ha'inci nake ganinsa. Mutum ya wuce ƙasa yana tsaye a iska kuma ka bar shi ya yi tsalle? To ina gwanintar take. Mu da muka taso da gem ɗin kaset in ka faɗa ka faɗa kenan ba mai lallashinka

Yaya Balki:
Ɗan Kurna gem ɗin kaset a tsohuwar talabijin mai ƙeya kake bugawa, ita kuwa sigina na shiga take zana shi, kusan ba jira. Talabijin ɗin yanzu sai ta karɓi hoto ta gyara kala ta sulɓe motsi sannan ta nuna, abin da kake gani ya riga ya wuce da wasu firem. Ka ɗora bulutut a kai in fad ɗin mara waya ne. To yaron ya ga ƙafa a baki ya danna, a cikin gem kuwa tuni ƙafar ta wuce. Wace gwaninta ce a nan? Shi ya sa Abba bai ji matsalar a laftof ba sai a talabijin. Abba ka shiga saitin hoto ka nemi Game Mode ka kunna kafin ma ka taɓa kod, za ka ga bambanci.

Ɗan Kurna:
To na yarda da na talabijin. Amma in ka sa shi da yawa fa ana gani, na taɓa buga wani a waya mutum sai ya yi taku biyu a iska

Yaya Balki:
Wannan kam gaskiyarka. Da zarar ido ya kama shi ya yi yawa.

Abba Fiksel:
Na sa, wlh bambancin a fili yake. Amma sabon abu ya fito, in na danna sau biyu da sauri yana ƙara tashi a iska kamar dobul jom, kuma tsallen ma ya fi na da tsawo ko sau ɗaya na danna

Malam Habu:
Turo abin da ka rubuta. Ina zargin layuka biyun nan na ƙasa ba su shiga ba.

Abba Fiksel:
`buffer = 0.0` da `coyote = 0.0`? Na ga ai da kansu suke raguwa shi ya sa na bar su

Malam Habu:
Su ne rabin aikin ai. Bi shi firem-firem ka gani. Ka danna, duka tayima biyun suna 0.1, ya tashi. Firem na gaba sun ragu kaɗan amma har yanzu sun fi sifili, sai sharaɗin ya sake cika, a sake mayar da `velocity.y` zuwa -320. Haka zai yi ta yi wajen firem 6, nauyi yana ja kai kana gogewa. Gudun 320 na tsawon 0.1 kusan fiksel 30 ne ka ba shi kyauta, tsallen da ya kamata ya tsaya wajen fiksel 57 sai ya doshi 90. In bafa kaɗai ka goge ka bar koyoti, tsawon zai dawo daidai amma mai saurin yatsa zai iya danna na biyu kafin 0.1 ta cika ya sake tashi. Duk abin da aka yi tsalle da shi a cinye shi nan take, duka biyun.

Wani abu kuma da nake gani wurin mutane, su rubuta `velocity.y -= 320` maimakon `=`. A ƙasa ba za ka ga bambanci ba don gudun sama da ƙasa sifili ne. Amma a koyoti ya riga ya fara faɗuwa, a ƙarshen 0.1 da nauyin 900 yana saukowa da gudun 90, in ka cire 320 saura 230, tsallen ya koma kusan fiksel 29, rabi kenan. Sai mai bugawa ya ce tsallen bakin rami ba shi da ƙarfi wani lokacin, ka rasa dalili.

Issoufou Damagaram:
Sannunku da aiki. Ni da Unity nike, kuma tawa matsalar ta fi ta Abba, ko ina tsaye cik bisa ƙasa wani lokaci in danna bai tashi ba. Na sa koyoti bai gyaru ba

Yaya Balki:
A ina kake karanta maɓallin, `Update` ko `FixedUpdate`?

Issoufou Damagaram:
`FixedUpdate` Yaya, tun da can Rigidbody2D yake

Yaya Balki:
To nan take. `Input.GetButtonDown` da firem ɗin hoto yake tafiya, shi kuma `FixedUpdate` duk 0.02 yake zuwa, sau 50 a sakan. In kwamfutarka tana zana 144 a sakan, yawancin firem ba `FixedUpdate` a cikinsu, in dannawarka ta faɗo a irin wannan firem ɗin ba wanda ya gan ta, ta wuce kenan. In kuma na'urar ta yi nauyi ta sauko 30 sai akasin haka, `FixedUpdate` zai iya gudu sau biyu a firem ɗaya ya ga dannawa ɗaya sau biyu. Ka karanta a `Update` ka cika tayimar bafa a can, sai `FixedUpdate` ya zo ya cinye. Ka ga bafar ta zama ita ce gadar da ke tsakaninsu ma. Godot shi yana lissafa wannan daban don fisiks shi ya sa Abba bai haɗu da ita ba.

Kuma tunda Unity ne ka kula da yadda kake gane ƙasa. In da `OverlapCircle` ne a ƙafa, bayan ka yi tsalle da'irar tana iya ci gaba da taɓa ƙasa firem ɗaya ko biyu, sai koyotin da ka goge ya sake cika, dobul jom ya dawo ta bayan gida. Kar ka cika shi sai in ba sama yake tafiya ba.

Issoufou Damagaram:
Madalla, zan gwada in an kawo wuta

Nura 8bit:
Ni ban ga amfanin `delta` da su 0.1 ba, ka ƙirga firem kawai, `coyote = 6` kana cire ɗaya-ɗaya. Ya fi tsafta ba ruwanka da lamba mai ɗigo

Malam Habu:
A cikin `_physics_process` maganarka daidai ce Nura, tunda bugunsa a kafe yake, kuma masu gem ɗin faɗa da firem suke lissafi. Amma in a `_process` ko `Update` ka ƙirga ka shiga uku, firem 6 a waya mai 30 ya zama 0.2, a allo mai 144 kuma bai kai 0.05 ba, gem ɗaya ya zama kala uku. Ko a fisiks ɗin ma ranar da ka mayar da bugun 120 sai ka bi duk lambobin ka ninka.

Nura 8bit:
Ba ranar da zan mayar 120 a wannan laftof ɗin tawa 😂

Abba Fiksel:
Yanzu ya daidaita. Saura ɗaya, ina da ƙaramin tsalle, in ka saki maɓalli da wuri yana yankewa:

```gdscript
if Input.is_action_just_released("jump") and velocity.y < 0.0:
    velocity.y *= 0.5
```

amma in na ɗan taɓa kafin in dira, bafa ta kama, sai ya yi cikakken tsalle har sama alhali taɓawa kawai na yi

Malam Habu:
Eh wannan kowa sai ya ci karo da ita. Ka danna ka saki duk kana iska kana saukowa, lokacin `velocity.y` ya fi sifili don haka yankewar ba ta yi aiki ba, sakin ya wuce. Da ka dira bafa ta tashe ka, ba wani sakin da zai sake zuwa. A daidai inda kake ba da tsallen ka duba ko har yanzu ana riƙe:

```gdscript
if not Input.is_action_pressed("jump"):
    velocity.y *= 0.5
```

Sai dai ka sani rabin gudu ba rabin tsawo ba ne, kwata ne, 160 zai ba ka wajen fiksel 14 kawai. In ya yi maka kaɗan ka ɗaga zuwa 0.6 ko 0.7.

Yaya Balki:
Nan ni ban bi ka ba Malam. Wanda ya danna da wuri ya saki ba lallai ƙarami yake so ba, sau da yawa firgita ce, yana ganin ƙaya a gaba ya daddanna. Ka ba shi fiksel 14 ya faɗa kan ƙayar, ka cece shi da bafa ka kashe shi da yankewa. Ni cikakke nake bayarwa, musamman in yara ne za su buga irin ƙannen Abba.

Malam Habu:
In rufin wurin akwai ƙaya a sama fa Hajiya? Cikakken ne zai kashe shi. Kuma wanda ya ƙware yana so abin da yatsansa ya yi shi ne abin da zai gani, taɓawa ƙarami riƙewa babba, ko da bafa ko babu.

Yaya Balki:
To ya danganta da irin matakan da ya zana. Abba akwai ƙaya a rufi?

Abba Fiksel:
Mataki biyu kawai a ƙarshe. Bari in gwada kowanne da yaran in gani

Sadiya M.:
Tambaya, tunda fad ne ke da latti me zai hana a ba mai fad 0.15 mai kibod 0.1? Ai adalci kenan

Nura 8bit:
Ra'ayi mai kyau wlh, kuma da sauƙi, ka duba in abin da ya shigo `InputEventJoypadButton` ne ka canza lambar

Malam Habu:
Ni ba zan yi ba, ga dalili. Koyoti ba sassauci kaɗai ba ne, yana ƙara nisan tsalle. Abba nawa ne gudun yaronka?

Abba Fiksel:
200, tayil ɗina kuma fiksel 16

Malam Habu:
To lissafa. Tsalle 320 nauyi 900, yana iska kusan sakan 0.71, a gudun 200 ya ci fiksel 142 kenan. Wanda ya jira har ƙarshen koyoti ya riga ya ci fiksel 20 a iska kafin ya tashi, ya ɗan sauka fiksel 4 zuwa 5 don haka tsallen ya ɗan gajarta, jimla wajen 159. Ƙarin tayil guda cur. In akwai ramin da ka zana don kar a iya tsallakewa sai an samo wani abu tukuna, je ka sake gwada shi yanzu, wataƙila ya buɗe. In ka ba mai fad 0.15 shi nasa ƙarin ya kai fiksel 30 kafin ya tashi, akwai ramin da zai ƙetare mai kibod bai isa ba. Sannan ba kowane fad ke da latti ba, mai waya a kwamfuta lafiyarsa ƙalau, mai kibod a talabijin kuma yana da lattin. Ba na'urar hannu ce kaɗai ke jawo shi ba.

Yaya Balki:
Bafa dai za a iya ƙarawa ba ta ƙara nisa. Illarta in ta yi yawa mutum ya danna ya fasa a ransa, ya dira ya ga ya sake tashi shi kaɗai. In kana so ka taimaki masu latti ka sa shi a saiti kowa ya zaɓa da kansa.

Sadiya M.:
Ni dai har yanzu ina ganin fiksel 10 ba zai rusa gem ba in ka bar sarari a ramukan

Ɗan Kurna:
Ni tambayata a kan analog ce. Na sa tura sanda sama ya zama tsalle, tun da na kwafi kod ɗin Malam yaron sai tsalle yake kamar kwaɗo ba na ma so

Yaya Balki:
Ashe mai cewa ha'inci ne ya kwafa 😂 Sanda ba maɓalli ba ce, lamba take bayarwa daga 0 zuwa 1, Godot yana ɗaukar an danna ne in ta haye Deadzone ɗin da ke Input Map. Kana gudu dama babban yatsanka ya ɗan karkata sama, ko sandar ta tsufa tana rawa a bakin iyakar, kowace hayewa sabuwar dannawa ce. Da can yawancinsu a iska suke faɗowa su ɓace, yanzu bafa tana tattara su tana biya. Ka mayar da tsalle kan A ko ✕, in kuma dole sai sanda ka ɗaga Deadzone na wannan aikin kaɗai sosai.

Amma A ɗin ma tana da nata, ita ce dai ake danna Resume da ita. A fito daga menu ko a rufe akwatin magana sai ka ga yaro ya yi tsalle. Ka goge `buffer` duk sanda aka dawo daga tsayawa, da sanda ya mutu ya dawo.

Malam Habu:
Koyoti ma akwai inda ake goge shi da hannu. In ya sauka ta cikin katakon da ake ratsawa in an danna ƙasa da tsalle tare, in sifirin ya cilla shi, in abokin gaba ya buge shi ya yi sama. Duk waɗannan barin ƙasa ne amma ba zamewa daga baki ba ne, in ka bari zai yi tsalle ya soke bugun.

Issoufou Damagaram:
Wuta ta zo, na Yaya ya yi aiki. Saura abu guda a kibod, in na riƙe kibiyar sama da ta hagu in danna Space ba ya tashi sam, amma da dama yana yi

Nura 8bit:
Wannan ba kod ba ne, kibod ɗin ne. Masu araha maɓallansu layi-layi aka haɗa su a ciki, wasu ukun in ka haɗa na ukun ba ya fita ko kaɗan. Bafa ba za ta riƙe abin da bai iso ba. Ka mayar da tsalle Z ko C, ko ka bar mutane su canza da kansu

Abba Fiksel:
To Malam ta ya zan san 0.1 ta ishe su, ko in yi ta canzawa ina tambayarsu?

Malam Habu:
Kar ka tambaye su, za su ce maka fad ne. Ajiye `Time.get_ticks_msec()` a firem ɗin da ya bar ƙasa ba da tsalle ba, duk dannawar da ta zo bayan koyoti ya ƙare ka yi `print` na tazarar. Haka ma ta dirowa, daga dannawa zuwa taɓa ƙasa. Ba su fad su buga a talabijin ɗin da Game Mode a kunne. In ka ga lambobin da suka fito suna taruwa a 110, 120, ɗaga zuwa 0.12 ka sake duba ramukanka. In kuwa 250 ne da 300 ba tayima ce matsalar ba, ko ba sa ganin bakin da kyau ne ko kyamara ba ta nuna musu ramin da wuri, ko akwatin karon yaron ya fi hotonsa siranta ƙafa tana kan bulo a ido amma a lissafi ta fita. Kunna Visible Collision Shapes a menu na Debug ka duba wannan.

Abba Fiksel:
Na kunna. Akwatin fiksel 8 ne hoton kuma 14, kenan uku-uku a kowane gefe suna iska. In faɗaɗa shi ko in bar koyoti ya rufe?

Yaya Balki:
In ka faɗaɗa zai riƙa maƙalewa a ramuka masu tayil ɗaya kuma kansa zai fi bugun kusurwa. Gwada 10 tukuna

Nura 8bit:
Ni 12 zan sa in yi gyaran kusurwa irin na Celeste, amma wannan sai an buɗe wani zaren